A Ina Za A Gina Sito? Lissafin Tsakiyar Nauyi Da Inda Yake Tuntuɓe

Babban dila mai raba sabulu da taliya da man girki a arewacin Najeriya yakan biya kuɗin hayar sito sau ɗaya a shekara, amma kuɗin mota kullum ne. Duk tirelar da ta fita daga ƙofar sito tana shan gas, tana cin taya, ana sallamar direba da yaron mota, kuma kowace kilomita da ta ƙaru a kan hanya za ta ci gaba da ƙaruwa a kowane lodi har ranar da aka bar wurin. Shi ya sa idan an kafa sito a inda bai dace ba, asarar ba ta zuwa lokaci guda balle a ankara. Kaɗan-kaɗan take zuba, wata bayan wata.

Masu koyar da harkar sufuri da rarraba kaya suna da wani lissafi da suke fara ɗora ɗalibi a kai game da wannan matsala, wato lissafin tsakiyar nauyi. Abu biyu kawai yake bukata: inda kowane abokin ciniki yake a kan taswira, da yawan kayan da ake kai masa. Da takarda da biro ana iya gama shi kafin shayi ya huce. Sauƙin nasa ne ya sa ya yaɗu, kuma sauƙin ne ya sa mutane da yawa suke ɗaukar amsarsa a matsayin hukuncin ƙarshe, alhali shi yanki yake nunawa, kuma wani lokaci yakan kauce da tazarar da za ta ci kuɗi.

Tunanin da ke ƙarƙashinsa kowace mai talla ta san shi. Idan ta jera kaya a faranti, gwangwanaye masu nauyi a gefe guda, ƙunshin gyaɗa a ɗaya gefen, ba a tsakiyar farantin za ta sa gammo ba. Za ta matsar da shi wajen da nauyi ya fi yawa, har farantin ya zauna daram a kanta. A lissafin nan taswira ce farantin, garuruwan da ake kai wa kaya su ne abin da aka jera, yawan lodin kowane gari shi ne nauyinsa. Wurin da taswirar za ta daidaita ba tare da ta karkata ba, shi ake nema. Hukumar ƙidayar Amurka ma da wannan hanya take fitar da tsakiyar al'ummar ƙasar bayan kowace ƙidaya. A 1790 wurin yana jihar Maryland, can gabas. A 2020 ya kai kusa da wani ƙaramin gari mai suna Hartville a jihar Missouri, saboda jama'a sun yi ta kwarara yamma da kudu.

A ɗauka akwai wani dila da yake kai kaya garuruwa biyar: Kano, Kaduna, Katsina, Sakkwato da Maiduguri. Yawan lodin da za a ambata misali ne kawai don a ga yadda lissafin yake tafiya, amma wuraren garuruwan na gaskiya ne. A wata yana fitar da mota 100. Kano tana ɗaukar 40, Kaduna 20, Maiduguri 20, Katsina 10, Sakkwato 10.

Aikin farko shi ne a ba kowane gari lamba biyu. Duk wanda ya danna wani wuri ya riƙe a Google Maps zai ga lambobi biyu sun fito, ta farko tana nuna nisan wurin arewa, ta biyu nisansa gabas, duka a ma'aunin digiri. Tsakiyar Kano, alal misali, tana wajen 12.00 da 8.52. Ana iya aiki da waɗannan kai tsaye, amma ya fi daɗin fahimta a mayar da su kilomita. Digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kusan kilomita 111 ne a ko'ina a duniya. Digiri ɗaya daga yamma zuwa gabas kuwa yana raguwa yayin da ake yin nisa da tsakiyar duniya, kuma a yankin Kano kusan kilomita 109 ne. Sai a zaɓi wani wuri a ƙasan taswira ta hannun hagu a ce daga nan za a fara ƙirga. Ko'ina aka zaɓa amsar ba za ta canza ba, muddin dai da shi aka auna kowa. A nan an ɗauki digiri 10 arewa, digiri 5 gabas.

Daga wannan mafari, Kano tana kilomita 385 gabas, 220 arewa. Kaduna 265 gabas, 60 arewa. Katsina 285 da 330. Sakkwato, wadda take can kusa da gefen taswirar, 25 da 340. Maiduguri kuwa ta yi nisa ita kaɗai, 890 gabas, 205 arewa.

Yanzu sai a ninka lambar gabas ta kowane gari da yawan motocinsa. Kano, 385 sau 40, ya ba da 15,400. Kaduna 5,300, Katsina 2,850, Sakkwato 250 kacal, Maiduguri kuma 17,800. Jimla 41,600. A raba da motoci 100, an sami 416. Haka za a yi wa lambar arewa: 8,800 da 1,200 da 3,300 da 3,400 da 4,100 sun tashi 20,800, a raba da 100, an sami 208. Shi ke nan, lissafi ya ƙare. Wanda yake da abokan ciniki ɗari biyu ba zai zauna yana yin wannan da hannu ba. A Excel, idan lambar gabas tana layin B, ta arewa tana C, yawan kaya yana D, umarni biyu ne:

```
=SUMPRODUCT(B2:B6,D2:D6)/SUM(D2:D6)
=SUMPRODUCT(C2:C6,D2:D6)/SUM(D2:D6)
```

To ina ne 416 gabas, 208 arewa? Idan aka mayar da shi digiri, wajen 11.87 da 8.82 ne. Wannan kilomita 33 ne daga Kano ta kudu maso gabas, dab da Wudil, a kan hanyar da ta wuce Azare da Potiskum da Damaturu ta tafi Maiduguri. Amsa ce mai shiga rai. Ga kwalta, ga fili mai araha idan aka kwatanta da cikin birni, ga kuma wurin ya ɗan kusanci Maiduguri da kowa ya san ita ce tafiya mafi tsawo. Dila zai iya kallon wannan ya ce lissafi ya yi magana, a je a nemi dillalin filaye.

Kafin a kira dillali akwai gwaji ɗaya da bai kamata a tsallake ba, kuma shi ne zuciyar al'amarin. Abin da dila yake so ya rage shi ne jimlar tafiyar motocinsa. Saboda haka sai a auna nisan kowane gari daga wurin da aka samu, a ninka da yawan motocinsa, a haɗa. Daga wajen Wudil, a miƙe kamar yadda aka ja layi a taswira, Kano kilomita 33 ce, Kaduna 211, Katsina 179, Sakkwato 413, Maiduguri 474. Idan aka ninka kowanne da motocinsa aka tara, tafiyar zuwa kaɗai ta kama kusan kilomita 20,900 a wata.

Yanzu a gwada ajiye siton a cikin Kano ɗin kanta. Motoci 40 na Kano ba su da wata tafiya ta tsakanin gari da gari. Kaduna ta koma 200, Katsina 149, Sakkwato 379, Maiduguri ta ƙaru zuwa 505. Jimla kusan kilomita 19,400. Wato wurin da lissafin tsakiyar nauyi ya nuna ya fi Kano tsada da sama da kilomita 1,500 a kowane wata, kusan kashi 8 cikin 100, kuma ba a ma sa dawowar motocin ba.

Ko ba a yi dogon lissafi ba, hankali zai kama dalilin. Duk kilomita ɗaya da aka matsar da sito daga Kano zuwa gabas, motoci 20 na Maiduguri sun sami sauƙin kilomita ɗaya-ɗaya. Amma motoci 40 na Kano an ƙara musu kilomita ɗaya-ɗaya, sauran 40 na Kaduna da Katsina da Sakkwato ma, da yake duk suna yamma, an ƙara musu. An ragewa ashirin, an ɗora wa tamanin.

Ba kuskure aka yi wajen ninkawa ko rabawa ba. Hanyar ce da kanta take amsa wata tambaya dabam. Masana lissafi sun daɗe da tabbatar da cewa tsakiyar nauyi tana rage jimlar nisa ne bayan an ninka kowane nisa da kansa. A wurin mai biyan kuɗin mota, garin da ke kilomita 500 ya ninka mai kilomita 100 tsada sau biyar. A wurin wannan lissafi kuwa ya ninka shi sau 25. Don haka duk abokin cinikin da ya yi nisa shi kaɗai yana jan amsar zuwa wajensa fiye da ƙimarsa. Alamar ta bayyana tun a ninkawar farko: Maiduguri da motoci 20 ta ba da 17,800, ta ɗara Kano mai motoci 40. Duk wanda ya ga gari guda mai nisa ya mamaye jimlarsa haka, to ya san amsar da za ta fito tana bukatar bincike.

Tambayar ta ainihi, wato wurin da jimlar nisa zalla ta fi ƙanƙanta, tsohuwa ce. A ƙarni na 17 Pierre de Fermat na Faransa ya jefa ta game da ɗigo uku a takarda, Evangelista Torricelli na Italiya ya warware. A 1909 masanin tattalin arziki na Jamus Alfred Weber ya fitar da littafinsa kan inda masana'antu suke zama, ya ɗora wa kowane ɗigo nauyi, wato tan nawa na ɗanyen kaya ko na kayan da aka sarrafa za a ɗauka. Daga nan matsalar ta ɗauki sunansa.

Kafin zuwan kwamfuta da katako da igiya ake warware ta, da wata na'ura da ake jingina wa Pierre Varignon, wani masanin Faransa. Ana manna taswira a kan tebur, a huda rami a kan kowane gari. A zura igiya ta kowane rami, a rataya mata nauyi a ƙarƙashin tebur daidai da yawan kayan garin, sannan a ƙulle dukkan bakin igiyoyin da ke sama a ƙulli ɗaya a saki. Ƙullin zai yi ta zamewa har ya tsaya a inda jan kowa ya daidaita, kuma nan ne wurin da ya fi araha. Abin lura a wannan na'ura shi ne, dutsen da aka rataya wa Maiduguri nauyinsa 20 ne, ko igiyarsa doguwa ce ko gajera. Nisa ba ya ƙara masa ƙarfi. A misalinmu, idan ƙullin yana kan ramin Kano, Maiduguri tana ja gabas da 20, su Kaduna da Katsina da Sakkwato suna ja yamma da kudu da arewa, jan nasu yana cinye juna har abin da ya rage kusan 10 ne kawai. Dutsen Kano 40 ne. Ƙullin ba zai motsa ba.

Daga nan wata ƙa'ida mai amfani ta fito: idan abokin ciniki ɗaya yana ɗaukar rabin kayan ko fiye, ba sai an yi lissafi ba, a wurinsa sito ya fi araha, domin ko da sauran duka sun haɗu sun ja ta fuska ɗaya ba za su rinjaye shi ba. Lissafin tsakiyar nauyi bai san da wannan ba. A ba shi garuruwa biyu masu tazarar kilomita 100, ɗaya da lodi 60 ɗaya da 40, zai ajiye sito a kilomita 40 daga babban, inda jimlar tafiya take 4,800. A cikin babban garin kuwa 4,000 ce.

Akwai hanyar gyara amsar ba tare da huda tebur ba. A 1937 wani matashi ɗan ƙasar Hungary, Endre Weiszfeld, ya buga ta a wata mujallar lissafi ta Japan, aka yi shekaru ba a kula da ita ba, har wasu suka sake gano ta a wajajen 1960. Ana farawa ne daga tsakiyar nauyi. Sai a raba lodin kowane gari da nisansa daga wurin, a ɗauki abin da ya fito a matsayin sabon nauyi, a sake lissafin. Wannan yana rage wa na nesa ƙarfin da bai cancanta ba. Kano, 40 a raba da 33, ta tashi da kusan 1.2. Maiduguri, 20 a raba da 474, ta koma 0.04. Zagaye ɗaya kawai, amsar ta baro Wudil ta dawo 382 gabas, 215 arewa, kilomita shida daga tsakiyar Kano. Ana maimaitawa har wurin ya daina motsi. A nan ake ganin amfanin tsakiyar nauyi na gaskiya: ita ce matakin farko, kuma mataki ne mai kyau, tunda daga fili mai faɗin kilomita kusan 900 ta taƙaita neman zuwa kewayen gari ɗaya.

Har yanzu dai rabin labarin aka ba da, domin kayan da ke fita daga sito sai da suka shigo. A ce masana'antar da dilan yake saro kaya tana Legas. A ma'aunin da aka kafa, Legas tana kilomita 175 yamma da mafari, 395 kudu da shi, don haka lambobinta biyu da alamar ragi za a rubuta su. Duk abin da aka raba wa garuruwa biyar daga can ya taso, wato nauyinta 100 ne ita kaɗai. Idan aka sa ta haka a lissafin tsakiyar nauyi, amsar za ta faɗa rabin hanya, kusa da Bida a jihar Neja, inda dilan ba shi da abokin ciniki ko ɗaya. Ƙa'idar rabi kuwa za ta ce a bar kayan a Legas a riƙa aika wa kowa daga can.

Abin da ya hana hakan zama gaskiya shi ne kuɗin ɗauka ba ɗaya ba ne. Kaya suna tahowa daga Legas a manyan tireloli cike taf, suna fita daga sito a ƙananan motoci, wani lokaci rabin lodi. Ɗaukar tan ɗaya kilomita ɗaya a babbar tirela ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma wannan bambancin ne ma dalilin da ya sa ake gina sito kusa da kasuwa tun farko. Saboda haka nauyin da ya kamata a sa wa kowane wuri shi ne yawan kaya a ninka da farashin ɗauka.

Kuma a nan amsar takan juya. Idan kuɗin kawowa daga Legas rabin na rarrabawa ne, nauyin Legas ya zama 50. Tsakiyar nauyi za ta koma 219 gabas, 7 arewa, kimanin kilomita 70 kudu maso yamma da Kaduna. A gwada garuruwan da ke akwai: sito a Kaduna ya ba da jimlar kusan 58,900, a Kano kusan 61,000. Kaduna ta ci. Idan kuwa kuɗin kawowa kashi ɗaya cikin huɗu ne na rarrabawa, Kano ta ba da kusan 40,200, Kaduna kusan 43,100, Kano ta karɓe. Garuruwa ba su motsa ba, yawan ciniki bai canza ba. Lamba ɗaya da ke cikin takardar yarjejeniya da masu tirela ita ta ɗauke sito daga wannan jiha ta kai waccan. Duk wanda zai yi wannan lissafi, gara ya ɓata mako guda yana tattara rasiɗan kuɗin mota da ya ɓata shi yana gyara lambobin taswira zuwa ɗigo huɗu.

Lambobin yawan kaya ma suna da nasu tarkon. Wanda aka fi faɗawa shi ne amfani da kuɗin ciniki a madadin nauyi, tunda shi akanta yake da shi a hannu. Amma katan ɗin turare na miliyan guda zai shiga bayan ƙaramar mota, gishirin miliyan guda kuwa sai an nemi 'yan dako. Mota ba ta san naira ba. Tan ma ba kullum yake daidai ba: mai raba katifa ko robobin ruwa motarsa takan cika tun nauyi bai kai ko'ina ba, don haka shi da yawan mota ko girman wurin da kaya suka ci zai auna. Sannan akwai batun adireshi. Babban ɗan kasuwa zai iya zama ofishinsa yana Kasuwar Singa a Kano, da sunan nan ake rubuta masa takarda, alhali a Gusau ko Haɗeja ake sauke masa kaya. Idan aka bi littafin ciniki, sai a ƙara wa Kano nauyin da ba nata ba. Takardar direba, wadda ke nuna inda aka sauke, ita ce abin dogaro.

Sai hanya. Duk nisan da aka ambata a sama na layin da aka ja a miƙe ne, kuma tirela ba ta bin wannan layi. Da a ce kowace hanya tana ƙara kaso ɗaya a kan miƙaƙƙen nisa, da babu damuwa, amsar ba za ta canza ba. Matsalar ita ce ƙarin ba ɗaya ba ne. Kano zuwa Kaduna kilomita 200 ne a miƙe, a kan titi ta Zariya kusan 230. Kano zuwa Sakkwato kuwa 379 ne a miƙe, amma mai bin Funtuwa da Gusau sai ya haura 500. Ga ramuka, ga shingaye, ga wuraren da direbobi ba sa yarda su bi bayan la'asar, ga gadar da takan yanke da damina. Lissafin tsakiyar nauyi yana ɗaukar ƙasa a matsayin shimfiɗaɗɗen fili da ake iya ratsawa ta kowace fuska, har yakan nuna tsakiyar daji ko cikin madatsar ruwa ba tare da ya ji komai ba. Shi ya sa bayan ya nuna yanki, sai a zaɓi wurare uku ko huɗu na gaske a kewayen, a sake gwajin nan na nisa sau lodi da kilomitar da direbobi suke yi da kuɗin da ake biya.

A wannan matakin ne abubuwan da ba sa shiga lissafi suke samun bakin magana. Kamfanin FedEx ya kafa cibiyarsa a Memphis a 1973, kuma kasancewar garin kusa da tsakiyar Amurka dalili ɗaya ne kawai. Wani dalilin shi ne ba kasafai yanayi yake rufe filin jirgin saman garin ba. Ga dilanmu, cewa "Kano" bai gama magana ba. Bompai tana arewa maso gabashin birni, Sharaɗa da Challawa suna kudu maso yamma, kuma tirelar da ta taso daga Legas ta hanyar Zariya za ta shigo. Ɗan ragowar jan da aka gani a na'urar igiya ma kudu maso yamma ya nufa. Sito a wannan ɓangaren zai hana manyan motoci ratsa cunkoson cikin gari. Mai shigo da kaya daga ƙasashen waje kuma zai duba tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki, wadda aka buɗe a 2023, ko ta Kaduna da aka buɗe a 2018. Bambancin kuɗin haya, wutar lantarki, tsaro, takardar fili da ko wurin yana cin ruwa da damina, kowanne ana iya mayar da shi naira a shekara a ɗora a kan kuɗin mota. Idan hayar sito a wajen Wudil ta yi arahar da ta fi kuɗin ƙarin kilomita 1,500 a wata, to Wudil ta dawo cikin takara, amma a wannan karon da hujjar da aka auna.

Sito kuma ba na shekara ɗaya ba ne, ciniki kuwa yana hawa yana sauka. Saboda haka ana sake lissafin da lambobi dabam-dabam a ga ko amsar tana da gindi. A ce lodin Maiduguri ya faɗi daga 20 zuwa 10. Jimlar motoci ta zama 90, lambar gabas ta koma 363, wato tsakiyar nauyi ta yi tsalle kilomita 53, ta tsallake Kano ta faɗa yammacinta. Wanda ya gina a Wudil bisa lissafin bara zai ga lissafin bana yana nuna masa wani wuri dabam. Gwajin jimlar tafiya kuwa, idan rarrabawa kaɗai ake kallo, Kano yake nunawa a duka biyun. Kafin Maiduguri ta iya ɗaga ƙullin nan daga ramin Kano, sai lodinta ya tashi daga 20 zuwa kusan 68 a wata, sauran suna nan yadda suke.

Idan ciniki ya kai haka, tambayar ma ta canza. Lissafin yana ɗauka ne cewa sito ɗaya za a gina, kuma idan abokan ciniki sun kasu gida biyu masu nisa da juna, yakan ajiye shi a tsakani, inda bai kusanci kowa ba. Abin da ake yi a nan shi ne a raba taswirar: Kano da Kaduna da Katsina da Sakkwato rukuni ɗaya, Maiduguri da duk wani sabon ciniki a Damaturu ko Potiskum rukuni na biyu. A fitar wa kowane rukuni tsakiyarsa, a duba ko akwai garin da ya fi kusa da siton ɗaya rukunin a mayar da shi can, a sake lissafi har rabon ya zauna. Sannan a ɗora abin da aka rage na kuɗin mota a kan sikeli ɗaya da hayar sito na biyu, albashin ma'aikatansa da masu gadi, da jarin da zai kwanta a kayan da dole a ajiye a wuri biyu maimakon ɗaya.